"An Yi Kuskure": Imel Mai Ɓoye Mai Alhaki, da Lokacin da Gyara Ke Wajaba

Duk wanda ya yi aikin ofis ya san irin imel ɗin nan da ke shigowa bayan wani abu ya lalace. Gajere ne, cike da ladabi, kuma ba ka samun sunan kowa a cikinsa. "An samu kuskure wajen biyan kuɗin." "Ba a tura takardar a kan lokaci ba." "An yanke shawarar dakatar da aikin." Ka karanta shi tun daga sallama har sa hannu, ka san abin da ya faru, amma ba ka san wanda ya yi ba. Wani lokaci babu komai a cikin hakan. Wani lokaci kuwa wannan 'yar jimla ce ke jawo wa wanda bai ji ba bai gani ba takardar tuhuma, ko ta ci masa ƙarin girma.

A nahawu, wanda ya yi aiki shi ake kira aikau, wanda aikin ya faɗa wa kuma karɓau. Idan aka ce "Ma'aji ya ɓatar da rasit", ga aikau nan a fili. Hausa tana da hanyoyi biyu masu sauƙi na kawar da shi. Ta farko ita ce an da 'yan uwanta: aka, ana, ake, za a, ba a. "An ɓatar da rasit." A nan dai an yarda mutum ne ya yi, suna ne kawai aka sakaya. Ta biyu ta fi zurfi: "Rasit ya ɓace." "Fayil ya goge." "Lissafi ya rikice." A wannan, ko hannun mutum babu, kamar abin ne ya ga dama ya lalata kansa. Turanci, wanda da shi ake rubuta mafi yawan imel ɗin ofisoshin Najeriya, yana da tasa jimlar mai gabatar da karɓau, haka ma Faransancin ofisoshin Nijar. Bambancin shi ne a waɗannan harsuna ana iya liƙa sunan aikau a ƙarshen jimlar in an so. A Hausa kuwa, da zarar ka fara da an, babu gurbin suna kuma. In kana son faɗin wanda ya yi, sai ka rushe jimlar ka sake gina ta.

Wannan salo ya yi suna a siyasar Amurka tun kafin imel ya zama ruwan dare. A watan Janairun 1987, Shugaba Ronald Reagan ya yi wa majalisar dokokin ƙasarsa jawabi a kan badaƙalar sayar wa Iran makamai a ɓoye, wadda aka karkatar da kuɗinta zuwa ga 'yan tawayen Nicaragua. Daga cikin abin da ya ce a kai har da cewa an tafka manyan kurakurai. Bai ce wane ne ya tafka ba. A watan Maris, bayan kwamitin bincike ya fitar da rahotonsa, ya fito ya ce ya ɗauki alhakin abin da shi da gwamnatinsa suka yi. Tun daga nan 'yan jarida a can ke kasa kunne ga wannan jimla a bakin duk wani mai mulki da ke neman wanke kansa.

Wani zai ce ai wannan salon magana ne kawai, mai hankali ya san inda aka dosa. Bincike bai goyi bayan haka ba. A 2010, wasu masana biyu a Jami'ar Stanford, Caitlin Fausey da Lera Boroditsky, sun wallafa wani gwaji. Sun ba mutane labarin wata mata da gobara ta tashi a teburinta a gidan cin abinci. Wasu sun karanta shi da jimlolin da ke cewa matar ta kayar da kyandir, ta kunna wa mayafin tebur wuta. Wasu kuma suka karanta cewa kyandir ya faɗi, mayafi ya kama da wuta. Labari ɗaya, ɓarna ɗaya. Amma rukunin farko sun fi ɗora mata laifi, kuma tarar da suka yanke mata ta fi ta rukuni na biyu yawa. Ke nan yadda aka gina jimla yana taɓa hukuncin mai karatu, har ya kai ga aljihu. Shugaban ofis da ke karanta imel a wayarsa tsakanin taro da taro bai fi ƙarfin wannan ba.

Sai dai kada a ɗauka duk an ɓarauniya ce. Mu da muka tashi cikin Hausa mun san tana da aiki mai daraja. Da ita ake girmama babba, a ce "an dawo lafiya?" maimakon a nuna shi da kai. Da ita uwa ke tsawata wa ɗa a gaban baƙi ba tare da ta kunyata shi ba. A ofis ma akwai inda ita ce daidai. In ba a san wanda ya yi ba, "an fasa ɗakin ajiya daren jiya" ita ce gaskiyar magana, kama suna a nan ƙazafi ne. In sanin mai aikin ba zai ƙara wa kowa komai ba, kamar "an biya albashi", ambaton sunan akawu ɓata lokaci ne. Wasiƙun gwamnati da ke farawa da "an umarce ni da in sanar da kai" suna nuna cewa ofis ne ke magana, magatakarda manzo ne kawai. Sannan ga shugaba na kirki da sabon ma'aikaci ya yi wa ɓarna, ya kira shi gefe ya yi masa faɗa, amma a imel ɗin kowa da kowa ya rubuta "an samu kuskure, an kuma gyara". Wannan rufin asiri ne, kuma ina ganin ya cancanci yabo.

To, ina iyakar? A ganina tambaya ɗaya ce ke raba gardama: in aka cire suna, a kan wa mai karatu zai ɗora abin? Domin mai karatu ba ya barin gurbi a wofi. In an ce "an tura takarda ba daidai ba", nan take zuciyarsa za ta tafi ga wanda ya saba tura takardu. Idan wanda zato ya faɗa wa shi ne ya yi, babu asara. Idan kuwa wani ne daban ya yi, kuma marubucin ya san haka, to ya shafa wa mutum kashin kaji ba tare da ya faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Abin da ke sa wannan salo da wuyar kamawa ke nan: kowace jimla a cikinsa gaskiya ce.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani kamfani ne mai rarraba takin zamani. Ranar 3 ga wata, masana'anta ta aiko wa manajan sayarwa sabon farashi: buhu ya tashi daga naira 38,000 zuwa naira 41,500. Saƙon ya shiga akwatinsa shi kaɗai. Ranar 8 ga wata, wani babban dillali ya nemi buhu 600, sai matashiyar ma'aikaciyar da ke rubuta takardun farashi ta duba jadawalin da ke hannunta, ta rubuta a kan 38,000, ta tura. Dillali ya biya a ranar. Sai ranar 11 ga wata manaja ya tura wa sashen sabon jadawalin. Bambancin naira 3,500 a kowane buhu, sau 600, ya kama naira miliyan 2 da dubu 100.

Washegari manaja ya rubuta wa sashen gaba ɗaya, ya sa babban darakta da shugaban ma'aikata a Cc:

"Assalamu alaikum. Ana sanar da kowa cewa an tura wa wani dillali tsohon farashi ranar 8 ga wata, abin da ya jawo asarar sama da naira miliyan biyu. Ba a tabbatar da farashin ba kafin a tura. Za a ɗauki matakin hana afkuwar haka nan gaba."

A duba da kyau a ga abin da aka yi a nan. Abubuwa biyu ne suka haifar da asarar: riƙe sabon jadawali har kwana takwas, da tura takarda a kan tsohon. Imel ɗin ya ambaci na biyu har da kwanan wata, na farkon kuwa ko alamarsa babu. Jimlar "ba a tabbatar da farashin ba" tana nuna kamar akwai wani mataki da ya wajaba a kan mai turawa ta tsallake shi. Kowa a ofis ya san mutum ɗaya ce ke tura takardun farashi. Darakta, wanda bai san ranar da masana'anta ta aiko da saƙo ba, zai rufe wayarsa da suna ɗaya a ransa, alhali ba a rubuta masa sunan kowa ba.

Ga alamar da ta fi saurin tona irin wannan rubutu: a duba ko marubucin yana sauya salo gwargwadon labarin. In abin kirki ne, "na kammala yarjejeniya", "na shawo kan dillali". In ɓarna ce, sai "an samu matsala". Wanda ke amfani da an a kan komai, ɗabi'ar rubutunsa ce kawai. Wanda ke ajiye ta don ranar ɓarna kaɗai, ya san abin da yake yi. Alama ta biyu ita ce kwanan wata: wane mataki aka ba rana, wanne aka bari a duhu? Ta uku kuma ita ce jerin waɗanda aka tura wa. Saƙon da aka sa manya a ciki ya tashi daga hirar sashe, ya zama shaida a fayil.

A wannan misali gyara ya wajaba, kuma dalilan a bayyane suke. Masu ikon yanke hukunci sun karanta, kuma hukuncin zai iya zama takardar tuhuma, ko zaftare albashi, ko baƙin rubutu a rahoton ƙarshen shekara. Zaton da saƙon ya haifar ba daidai ba ne, kuma akwai hujja a rubuce. Sannan ga dalilin da ya fi ƙarfi, wanda bai shafi mutuncin kowa ba: muddin ba a ambaci ainihin inda igiyar ta tsinke ba, maganin da za a kawo zai sauka a wurin da ba shi ne ciwon ba. Za a kafa dokar cewa sai an sa wa kowace takarda hannu biyu, amma jadawali zai ci gaba da kwana a akwatin mutum ɗaya, kuma wata mai zuwa za a sake asara.

Da a ce saƙon tsakanin mutum uku ne da duk sun san yadda aka yi, ko kuma ɓarnar ta tsaya a kuskuren rubuta suna da aka gyara cikin awa ɗaya, da shiru ya fi. Ma'aikacin da ke bin kowace an da takardar kare kai, ba a daɗewa ake daina karanta shi, ranar da yake da gaskiya babba kuma sai ya rasa mai saurare. Haka ma in abin da ke cin ran mutum shi ne ba a tona wa wani asiri ba, alhali shi kansa babu zaton da ya faɗa masa. Wannan ba hurumin gyara ba ne, neman ganin an kunyata wani ne.

Yadda ake gyaran ma yana da tsari, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata gaskiyarsu da hannunsu. Matakin farko, kada ta amsa da zafin rai. Ta fara shiga akwatinta ta tabbatar da ranaku: ga takardar ranar 8 a cikin Sent, ga saƙon manaja na ranar 11 a cikin Inbox. Ta kuma bincika ko an taɓa faɗa mata sabon farashin da baki ko a zauren WhatsApp na ofis. In akwai hakan kuma ta manta, gyaran nata zai rushe a gaban kowa.

Mataki na biyu, ta sami manajan shi kaɗai, ko ta rubuta masa shi kaɗai. Ba kowane mai ɓoye suna ne mugu ba. Wani tsoro ne ya kama shi, wani kuma bai lura da inda maganarsa za ta sauka ba. Za ta iya cewa: "Yallaɓai, saƙon da ka tura da safe, duk wanda ya karanta zai ɗauka ina da sabon farashi na ƙi dubawa. Ni kuwa ranar 11 ya iso gare ni. Ina roƙon ka ƙara wannan bayani a kan saƙon kafin a tashi aiki gobe, don kada darakta ya yanke hukunci a kan rabin labari." An ba shi ƙofar fita da mutuncinsa, an kuma sa lokaci. Gyaran da ya fito daga hannun wanda ya rubuta saƙon farko ya fi kowanne nauyi, kuma shi ne ke barin zaman ofis lafiya. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

In lokacin ya wuce bai yi komai ba, sai ta amsa a kan wannan saƙo, da Reply All, domin gyaran ya kai ga duk waɗanda suka karanta na farkon. Kada ta ƙara sabon suna ko ɗaya a jerin, kada kuma ta saka wani a Bcc. Ƙara mutane yana mayar da gyara yaƙi, Bcc kuma in ya tonu, ita za a kalla a matsayin mai makirci. Ga irin abin da za ta rubuta:

"Assalamu alaikum. Ina son ƙara bayani a kan saƙon jiya domin a sami cikakken tsarin ranaku. Ni ce na tura wa dillalin takardar farashi ranar 8 ga wata, a kan naira 38,000, bisa jadawalin da ke hannun sashenmu a ranar. Sabon jadawali ya iso mana daga ofishin manajan sayarwa ranar 11 ga wata. Na haɗa kwafin saƙon a ƙasa. Ban kira na tambaya ko farashi ya sauya ba kafin in tura, kuma daga yanzu zan riƙa yi a kan duk odar da ta haura buhu 100. Ina ba da shawarar a sa adireshin sashen gaba ɗaya a jerin waɗanda masana'anta ke aika wa farashi. Na gode."

Abin lura, ta fara da nata: "ni ce na tura". Wanda ya zo gyara jimlar da ta ɓoye aikau, in shi ma ya ɓuya a bayan an, ya kashe hujjarsa. Ta faɗi abin da ya faru da ranarsa, ba ta taɓa niyya ba. Babu "da gangan", babu "sakaci", babu "kamar yadda aka saba". Ranaku ana iya tabbatar da su, abin da ke zuciyar mutum kuwa ba a iyawa, kuma da zarar an shiga maganar niyya, gardama ta bar asarar miliyan biyu ta koma wa ya zagi wa. Ta ambaci ofis, ba ta kira sunan mutum ba. Ba ta ma faɗi ranar da masana'anta ta aiko da saƙon ba, domin ba akwatinta ya shiga ba. Darakta da kansa zai yi wannan tambaya. Sannan ta rufe da magani.

Ambaton ofis ko mataki maimakon suna ba wayo ba ne. Hanya ce da aka gwada a inda kuskure ke cin rai. A Amurka, tun 1976 hukumar NASA ke tafiyar da wani tsari da matuƙa jirgin sama da sauran ma'aikatan sufurin sama ke kai rahoton kurakuransu, ana cire sunayensu kafin a adana. Amma ba a cire matakin: ana rubuta cewa matuƙi ne ya yi kaza, ko mai kula da zirga-zirgar jirage ne ya ce kaza, a daidai lokaci kaza. Sunan mutum ana iya sakaya shi don rufin asiri. Matakin da ya lalace kuwa, in aka sakaya shi, an hana gyara. Imel ɗin manajan namu matakin ya binne, shi ya sa ya zama abin ƙi.

Dole a faɗi gaskiya, wannan hanya tana da tsada ga na ƙasa. A ofisoshinmu, ƙaramin ma'aikaci ya gyara wa babba magana a gaban manya abu ne da ake iya ɗauka rashin kunya, ko da kuwa ya yi shi cikin ladabi. Akwai wuraren da Reply All zai fi asarar kanta jawo wa mutum baƙin jini. A irin wannan wuri, mafi ƙarancin abin da za a yi shi ne a rubuta wa manajan shi kaɗai saƙo mai ranaku, a ajiye kwafi, domin in takardar tuhuma ta zo, a sami abin haɗawa da amsa, kuma a ga cewa an yi magana tun a lokacin. Gyaran da aka yi cikin kwana ɗaya ko biyu ana karɓarsa a matsayin bayani. Wanda aka kawo bayan wata shida, ranar da ake tantance ƙarin girma, kama yake yi da neman mafita. Kuma nauyin a gaskiya ya fi rataya a wuyan shugabanni. Daraktan da ya ga "ba a tabbatar ba" ya kamata ya mayar da tambaya kafin ya yi fushi: wa ke da alhakin tabbatarwa, kuma me ke hannunsa a ranar?

Saura jimlar ƙarshe ta imel ɗin manaja, wadda yawanci ba a kula da ita: "za a ɗauki mataki". An tana ɓoye wanda ya yi jiya, za a kuwa tana ɓoye wanda zai yi gobe, kuma ɓarnarta ta fi yawa a aikin yau da kullum. A tashi daga taro, a rubuta "za a tuntuɓi dillalin", mutum biyar su karanta, kowa ya ɗauka ɗan uwansa ake nufi, mako ya zagayo babu wanda ya ɗaga waya. Wannan ba ya buƙatar dogon tunani ko shawara da kowa, domin babu wanda ake zargi, don haka babu wanda zai ji haushi. Duk lokacin da ka ga za a a kan aikin da ke da wa'adi, ka amsa a ranar da layi ɗaya: "Wa zai kira dillalin, kuma zuwa yaushe?" In kai ne mai rubuta saƙon, ka sa sunan da ranar tun kafin ka danna Send.